Barcin da maganin farfaɗiya ke sawa: wanne za a jira ya wuce, wanne za a kai asibiti?

Mutane da yawa suna ajiye maganin farfaɗiya saboda barci, kuma galibi ba sa gaya wa likita sun ajiye. Uwa ta ga ɗanta yana gyangyaɗi da rana tsaka, sai ta rage masa ƙwaya ko ta hana shi gaba ɗaya. Bayan 'yan kwanaki jijjiga ta dawo, wani lokaci ta fi ta da tsanani, har ta ƙi tsayawa. Don haka kada a daina maganin farfaɗiya irin su fenobabital farat ɗaya, ko da barcin ya dame ku. Ku kai maganar wurin wanda ya rubuta maganin, shi zai san yadda zai rage a hankali ko ya sauya.

Fenobabital yana kwantar da ƙwaƙwalwa ne don ya hana jijjiga, kuma wannan kwantarwar ita ce ke kawo barcin. Yana daɗewa a jiki ƙwarai. A jikin babba, sai an yi kwana 3 zuwa 5 kafin rabin abin da aka sha ya fita, a jikin yaro kuwa ya fi saurin fita. Ke nan ƙwayar yau tana hawa kan ragowar ta jiya da ta shekaranjiya, maganin yana ta taruwa har mako 2 zuwa 3 kafin ya daidaita a jini. Shi ya sa wani zai sha kwana biyu lafiya lau, sai a mako na biyu nauyin jiki ya kama shi, alhali ba a ƙara masa komai ba. Daga nan jiki yakan saba, barcin ya yi ta raguwa cikin 'yan makonni. Saboda wannan daɗewar ne shan sa sau ɗaya a yini kan wadatar, kuma likitoci sukan ce a sha da dare, lokacin kwanciya.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 6 mai nauyin kilo 20. Ana auna wa yara maganin ne da nauyinsu, akan fara da miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo a yini. Likita ya sa masa miligiram 60 da dare, wato 3 a kowane kilo. A makon farko yana wuyar tashi da safe, yana magagi na ɗan lokaci, amma idan an tashe shi yana tashi, yana cin abinci, yana magana daidai, da yamma yana wasa. Wannan barci ne da ake sa ran gani. A ci gaba da magani, a riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya tashi, a nuna ranar komawa asibiti.

A mako na huɗu, bayan ya fara warwarewa, sai ya koma barci fiye da da. Yana tafiya yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, cokali yana suɓuce masa. Barcin da ya ragu sannan ya dawo da ƙarfi yana da dalili, kuma abu biyu ake fara dubawa. Na farko shi ne ƙwayar kanta. Fenobabital yana zuwa da ƙarfi daban-daban, akwai na miligiram 15, na 30, na 60. Idan an saba ba yaro ƙwaya biyu ta 30, sai aka sayo sabon kati na 60 aka ci gaba da ba shi biyu, to ya koma shan 120, ninki biyu na abin da aka rubuta. A karanta lambar da ke jikin kati duk lokacin da aka karɓo sabo. Na biyu, wane magani aka ƙara masa? Maganin mura da tari mai firiton ko furometazin, da kodin, da dayazifam, duk suna ƙara barci a kan na fenobabital. Yaron nan a kai shi asibiti a ranar, tare da dukan magungunan da yake sha, kafin lokacin ƙwayar dare ya yi.

Ba duk yaro ne yake barci ba. Wasu fenobabital yana juya musu: ƙiriniya, saurin fushi, kasa zama wuri ɗaya, rashin barci da dare, karatu ya ja baya. Wannan aikin maganin ne, duka ba ya gyara shi, a gaya wa likita. Jariri kuwa ba ya iya faɗa, sai a lura da shan nono. Idan yana sha sai ya saki ya yi barci, ko sai an yi ta tashinsa kafin ya kama, ko jikinsa ya saki, ko nauyinsa ya tsaya, a kai shi. Haka ake lura da jaririn da uwarsa ce ke shan maganin, domin yana bi ta ruwan nono, amma kada ta yaye shi ko ta daina sha ba tare da shawarar likita ba.

Babba akan fara masa da miligiram 60 da dare. Haɗarinsa ya fi yawa wajen tuƙi, hawa sama, aiki da injin da ke yanka, da zama kusa da wuta ko ruwa. Giya da tiramadol ba sa haɗuwa da wannan magani sam, tiramadol ma yana iya tayar da jijjigar da kansa. Tsoho kuwa, rikicewa da faɗuwa su ne alamun da suka fi fitowa, kuma sau da yawa iyali sukan ɗora wa tsufa.

Sauran magungunan farfaɗiya kowanne da irin alamarsa. Kabamazefin idan ya yi yawa, mutum yakan ga abu biyu-biyu, ya ji jiri, musamman 'yan sa'o'i bayan sha, kuma maganin ƙwayoyin cuta eritoromaisin, da maganin tarin fuka aisoniyazid, suna sa ya taru a jini. Yana kuma iya rage gishirin jini, sai ciwon kai da rikicewa su biyo baya. Fenitoyin ƙari kaɗan yana iya kai shi ga yin yawa, ido ya riƙa rawa, tafiya ta lalace. Lebetirasetam yana kawo barci da saurin fushi. Balfurowet shi ne ya fi buƙatar a sa ido: idan aka haɗa shi da fenobabital yana ɗaga yawan fenobabital a jini, sannan barci tare da amai, ciwon ciki, ƙin abinci ko farin ido ya koma rawaya na iya nuna hanta ta taɓu, musamman a yaro ƙasa da shekara 3 cikin wata 6 na farko. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Akwai kuma barcin da ba na magani ba ne. Bayan jijjiga mutum yakan yi barci mai nauyi na mintoci ko sa'o'i kaɗan. Wanda ya tashi da cizon harshe, ko fitsari a shimfiɗa, ko ciwon jiki, sannan ya yini yana barci, wataƙila ya yi jijjiga ne da dare ba a gani ba. Rage masa magani zai ƙara ɓata lamarin, don haka a faɗi waɗannan alamu dalla-dalla.

A garzaya asibiti nan take idan an kira sunansa an girgiza kafaɗarsa bai farka ba, ko ya farka ya sake nutsewa bai gane kowa ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa yana tsaitsayawa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko ana zargin yaro ya haɗiyi ƙwayoyin wani. Haka nan barci tare da zazzaɓi da ƙuraje, ko gyambo a baki da ido, musamman cikin wata 2 na farkon shan fenobabital, kabamazefin ko fenitoyin, da jijjigar da ta wuce minti 5. A hanya a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko abinci, kada a sa shi amai, a riƙe katin maganin a hannu don a nuna nawa ya rage a ciki.