Yanke Farashin Aikin Mashawarci Bisa Amfaninsa

Yanke farashi bisa amfani hanya ce da mashawarci ke tsayar da kuɗin aikinsa gwargwadon abin da aikin zai samar wa mai kamfani, ko asarar da zai toshe masa, maimakon ƙirga kwanakin da ya yi yana aiki. Ta bambanta da la'ada, wadda sai an ga sakamako ake biya. A nan tun kafin a fara ake yanke adadin, kamar jinga, kuma yawanci ana karɓar wani kaso a matsayin kafin alƙalami.

A ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa da ke ƙona dizal na naira miliyan 40 a wata. Mashawarci ya duba, ya tarar janareta ya fi ƙarfin lodin da ke kansa, yana ta shan mai a banza, kuma gyaran tsarin zai rage kashi 15 cikin ɗari. Wato miliyan 6 a wata, miliyan 72 a shekara. Sai a cire miliyan 12 na kayan da kamfanin zai saya, saura 60. Da kuɗin yini zai caja, kwana 20 a kan naira 150,000 miliyan 3 ne kawai. Idan kuwa suka daidaita a kan kashi ɗaya cikin goma na amfanin shekarar farko, miliyan 6 zai karɓa, mai kamfani ya tashi da 54. Babu wani kaso da doka ta ƙayyade, ciniki ne. Abin lura shi ne ribar mai kamfani ta ninka abin da ya biya mashawarci sau da yawa, ko da hasashen ya gaza da rabi.

Inda aka fi samun rigima shi ne ma'aunin farko, wato alƙaluman man da kamfanin ke sha kafin a fara aikin, waɗanda za a gwada ragin da su. Dole alƙaluman su fito daga littattafan kamfanin, na wata 12 cif, saboda aikin casa na kaka ba ɗaya yake da na damina ba. Kuma a rubuta su da lita nawa ake ƙonawa a kan kowane tan na shinkafa, ba da naira ba. In aka rubuta da naira, farashin dizal ya tashi, mai kamfani zai ga kuɗin mai bai ragu ba, ya ce an cuce shi, alhali litocin sun ragu. Haka idan wutar lantarki ta ƙara samuwa a lokacin, ragin ba na mashawarci ba ne duka, sai a ware awannin da janareta ya yi aiki a auna su kaɗai.

Hanyar ba ta dacewa inda amfanin ba ya ƙirguwa, ko inda jami'in sayayya ne ke ciniki, domin shi farashin yini yake kwatantawa tsakanin masu neman kwangila. Da wanda asarar ke fita daga aljihunsa ake wannan magana.