Mene ne hadisi mai rauni, kuma ana aiki da shi?

Sau da yawa in malami ya ce "wannan hadisin da'ifi ne", sai mai sauraro ya ɗauka an ce ƙarya ce aka jingina wa Annabi (SAW). Ba haka ba ne. Na ƙarya sunansa maudu'i. Da'ifi shi ne wanda ya rasa ɗaya daga sharuɗɗan karɓa: isnadi, wato jerin maruwaita, ya haɗu ba yankewa, maruwaita su zama adalai masu kiyaye abin da suka ji, kada ruwayar ta saɓa wa ta waɗanda suka fi ƙarfi, kuma kada a sami ɓoyayyar illa. Wato ba mu sami natsuwar cewa Annabi ya faɗa ba, ko da yake mai yiwuwa ya faɗa.

Ga hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito daga Abu Umama, cewa wanda ya raya dararen Idi biyu don neman lada, zuciyarsa ba za ta mutu ba ranar da zukata ke mutuwa. A isnadinsa akwai Baƙiyya ɗan Walid. Ba maƙaryaci ba ne, amma an san shi da tadlisi: yakan tsallake mai raunin da ya ji hadisi daga bakinsa, ya ce "daga wane". A nan ma "daga Sauru ɗan Yazid" ya ce, bai ce "ya ba mu labari" ba. Wannan 'yar kalmar ita ce ƙofar raunin, don ba mu san ko akwai wani a tsakaninsu ba.

To, a raya daren ko a bari? A aƙida da halal da haram, jumhur, wato mafi yawan malamai, ba sa kafa hujja da da'ifi. Saɓanin yana kan falalar ayyuka. Imam Nawawi ya yarda hadisin nan mai rauni ne, amma ya so a raya daren, tunda babin falala ne. Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, ya tafi a kan ba a aiki da da'ifi ko a falala.

Abin da ke damuna shi ne masu cewa "ai ana aiki da shi a falala" su tsaya nan, su manta sharuɗɗa uku da Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852 bayan hijira, ya kafa. Raunin kada ya yi tsanani. Aikin ya kasance yana da tushe tabbatacce, kamar tsayuwar dare da Alƙur'ani ya riga ya kwaɗaitar a kai. Sannan mai aikin kada ya ƙudurce cewa lallai Annabi ya faɗa. Saboda haka wanda ya yi nafila daren Idi yana fatan lada, yana da magabata. Wanda ya yanka wa daren raka'o'i da surori na musamman kuwa, ya wuce abin da sharuɗɗan suka ba shi. Ko a kan cikar sharaɗin farko ma malamai ba su haɗu ba, domin Albani yana ganin raunin wannan hadisin ya kai inda ba a aiki da shi sam.