Rubutun Bayanin Bidiyon Darasi kan Ƙafewar Ruwa

Rubutun bayanin bidiyon darasi shi ne maganar da aka tsara a rubuce domin mai bayani ya karanta, muryarsa tana tafiya tare da hotunan da yara suke kallo. A darasin ƙafewar ruwa na 'yan firamare, wannan rubutu yana ɗauke da nauyin da ba kowane darasi ke ɗora masa ba, domin abin da ake son koyarwa ba ya ganuwa. Kyamara za ta nuna faranti da ruwa, ta kuma nuna shi a bushe, amma ba za ta iya nuna ruwan yana fita ba. Murya ce kaɗai ke cike wannan giɓi, kuma idan ta kuskure, da kuskuren yaro zai tashi.

Abin da ake bayani a kai

Ƙafewa ita ce rikiɗar ruwa zuwa tururi daga samansa, ba tare da ya tafasa ba. Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai waɗanda ba sa daina motsi, kuma saurinsu ba ɗaya ba ne. A saman ruwan, wasu daga cikin masu sauri sukan kuɓuce wa jan 'yan'uwansu su shiga cikin iska. Wannan yana faruwa a kowane lokaci, da rana ko da dare, a ruwan ɗumi ko na sanyi. Tafasa kuwa daban take: tana faruwa a ko'ina cikin ruwan, da kumfa mai tasowa daga ƙasa, kuma sai zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas idan ana daidai da tsayin teku.

Abubuwa huɗu ne ke sa ƙafewa ta yi sauri ko ta yi nawa: zafi, kaɗawar iska, faɗin saman ruwan, da yawan laimar da ke cikin iskar tun farko. Masanin nan na Ingila, John Dalton, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a Manchester a 1802, inda ya nuna cewa saurin ƙafewa yana bin zafin ruwa, da bushewar iskar da ke kansa, da kuma motsinta. Bidiyon minti uku ko huɗu ba zai ɗauki duka huɗun ba, kuma bai kamata a cusa masa su ba. Ɗaya ya isa, in dai an nuna shi da gwaji.

Abin da yaro ya zo da shi

Yaro ba ya zama gaban bidiyo da kai fanko. Ya riga ya ga rigar da aka shanya ta bushe, kuma yana da nasa bayanin. A 1983, Roger Osborne da Mark Cosgrove sun wallafa binciken da suka yi da ɗalibai a New Zealand, inda suka tambaye su inda ruwan da ke kan jiƙaƙƙen faranti ya tafi bayan ya bushe. Wasu suka ce ya shige cikin farantin, wasu suka ce ya ɓace kawai, babu shi kuma. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗan yi nisa a karatu suka ce ya rabu ya koma iskar oksijin da haidurojin, abin da ba haka yake ba, domin tururi ruwa ne har yanzu, ƙwayoyinsa ne kawai suka warwatsu.

Daga nan ake gane aikin rubutun. Tambaya ɗaya ce zai amsa, wato ina ruwan ya tafi, kuma dole ya toshe waɗannan amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa jimla irin "ruwan ya ɓace" ko "rana ta shanye ruwan" take da illa, duk da daɗinta a kunne. Ta farko tana tabbatar wa yaro cewa abu yana iya zama babu. Ta biyu tana sa shi ɗauka cewa ruwan yana can cikin rana, kuma ba za a yi ƙafewa a cikin ɗaki ko da dare ba.

Akwai kuma kuskuren hoto. Masu haɗa bidiyo sukan ɗauko buta tana tafasa, farin hayaƙi yana fita daga bakinta, murya ta ce ga tururin ruwa nan. Tururi na ainihi ba ya ganuwa. Farin abin nan ɗigo-ɗigon ruwa ne da suka sake haɗuwa bayan tururin ya gamu da iska mai sanyi. Wanda ya duba bakin butar da kyau zai ga ɗan fili wayam tsakanin bakin da farin hayaƙin, to a nan tururin yake. Ban da wannan, hoton butar yana koya wa yaro cewa sai da wuta ruwa ke shiga iska, wanda shi ne akasin darasin gaba ɗaya. Gara a bar buta sai an zo darasin tafasa.

Misalin rubutu da gwajinsa

Ga yadda za a iya gina bidiyo a kan faɗin saman ruwa. Ana buƙatar mazubai uku na gilashi ko ƙarfe: faranti mai shimfiɗaɗɗen gindi da faɗinsa ya kai santimita 14, kofi mai faɗin santimita 7, da wani kofin irinsa mai murfi da ake iya hango cikinsa. Kowanne a zuba masa ruwa mililita 50, a auna a gaban kyamara, a ja layi a inda ruwan ya tsaya, a jera su wuri ɗaya.

Tun da faɗin farantin ya ninka na kofin sau biyu, filin saman ruwansa ya ninka sau huɗu. A cikin kofi, ruwan zai kai zurfin wajen milimita 13, a faranti kuwa milimita 3 da ɗan ɗoriya. Idan a ɗakin da ake aikin ruwa yana sauka da milimita 3 a kwana ɗaya, farantin zai kusa bushewa washegari, kofin kuwa bai rasa ko kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa sosai ba. A zahiri kofin yakan fi haka jinkiri, saboda dogon bangonsa yana tare iska mai laima a kan ruwan. Wannan lissafi na marubuci ne, domin ya san tsawon lokacin da zai ɗauki hoto. Yara ba sa buƙatar jin sa.

Muryar tana farawa da tambaya, ba da ma'ana ba:

"Yara, ku duba. Ruwan da ke cikin farantin nan daidai yake da na kofin nan. Ga shi mun auna. Za mu bar su har gobe, babu mai taɓawa. Wanne kuke ganin zai riga bushewa?"

A nan rubutun yana sa alamar shiru na daƙiƙa huɗu ko biyar. Shirun nan ɓangare ne na darasi, domin yaron da ya yi hasashe yana jiran sakamako da zumuɗi, ko malami ma ya tsayar da bidiyon ya ji ra'ayin aji. Sai hoton da aka gaggauta ya biyo, kuma wajibi ne murya ta faɗa:

"Mun sa hoton ya yi sauri. Abin da kuke gani yanzu yini guda da dare guda ya ɗauka."

Idan ba a faɗi haka ba, yaro zai gwada a gida, ya jira minti biyu, ya ce bidiyon ƙarya ne. A sa agogo a gefen hoton ma ya fi kyau. Daga nan sai babbar tambayar:

"Farantin ya bushe. To ina ruwan? Mu ɗaga farantin. Ƙarƙashinsa a bushe yake, bai yoyo ba. Gilashi kuma ba ya tsotsar ruwa. Ruwan ya fita ta sama, kaɗan-kaɗan, ya shiga cikin iskar ɗakin nan. Ya rarrabu ƙanana-ƙanana har ido ba ya iya ganinsa. Yanzu sunansa tururi, amma ruwa ne. Wannan shi ne ƙafewa."

A lura cewa sunan abin ya zo a ƙarshe, bayan yaro ya gani. Jimlolin gajeru ne, kowacce da abu ɗaya, kuma kowacce tana faɗowa daidai lokacin da hannu yake yin abin da take faɗi.

Har yanzu yaro yana da damar yin shakka, domin an gaya masa ne kawai. Kofi mai murfi shi ne hujjar, kuma shi ne sashen da ya fi cancantar a ba shi lokaci. Ruwansa yana nan kusan a kan layi, kuma idan murfin ya fi ruwan sanyi, ɗigo-ɗigo za su taru a ƙarƙashinsa.

"Wa ya jiƙa murfin nan? Ruwan da ke cikin kofin bai taɓa shi ba. Ruwan ya tashi a matsayin tururi, ya rasa hanyar fita, ya koma ruwa a jikin murfi."

Idan akwai sikeli mai auna giram, hujjar tana ƙara ƙarfi. Mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, don haka farantin da ya bushe zai ragu da giram 50, kofi mai murfi kuwa nauyinsa ba zai sauya ba.

Inda gwajin ke lalacewa

Mazubin yumɓu mara sheƙi, ko takarda, ko ƙyalle, suna tsotsar ruwa da gaske, sai su gaskata yaron da ya ce ruwan ya shige ciki. Idan aka sa faranti a rana, kofi a inuwa, an sauya abu biyu a lokaci ɗaya, ba a san wanne ya kawo bambancin ba. A ranar da iska take cike da laima, faranti yana iya kwana biyu ko uku bai bushe ba, don haka a gwada kafin a rubuta "har gobe". Murfi kuma yakan ƙi tara ɗigo idan zafinsa ɗaya da na ruwan. Maganinsa shi ne a ɗora ƙanƙara a kai, a kuma faɗa wa yara an ɗora.

Iyakar darasin

Sanyin da ƙafewa ke kawowa yana da sauƙin ji: a jiƙa bayan hannu a hura. Dalilinsa shi ne ƙwayoyi masu sauri ne suke fita, su tafi da zafi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar zafi sama da 2,200 a ma'aunin makamashi na jul kafin ya zama tururi, fiye da ninki biyar na abin da zai ɗaga shi daga digiri 0 zuwa 100. Wannan ne ke sa gumi yake sanyaya jiki. Amma darasi ne mai zaman kansa, haka ma gishirin da ke saura idan ruwan teku ya ƙafe, wajen giram 35 a kowace lita. Cusa su cikin bidiyo ɗaya yana raba hankalin yaro.

Ana gane ko rubutun ya yi aiki ta hanyar tambayar da bidiyon bai amsa kai tsaye ba. A tambayi yara abin da zai faru da jiƙaƙƙen tawul idan aka ƙulle shi cikin leda, da kuma idan aka baza shi a ɗaki mai duhu. Wanda ya ce na cikin leda ba zai bushe ba domin ruwan ba shi da hanyar fita, na ɗaki kuwa zai bushe ko babu rana, ya fahimci darasin. Wanda ya ce na ɗakin ba zai bushe ba sai an kai shi rana, yana bukatar a sake nuna masa gwajin, a wannan karon mazuban suna nesa da taga.