Tsara baitocin waƙar da ta zo a dunƙule

Tsara baitocin waƙa shi ne mayar da rubutun waƙar da aka kwafo a dunƙule zuwa siffarsa ta asali, inda kowane ɗango ke kan layinsa, baiti ya rabu da baiti, amshi kuma ya sami alama. A birnin Kano aikin yakan faɗo hannun masu buga takardu a kwamfuta, da yaran situdiyo na Titin Gidan Zoo, da ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero masu sanya matanin waƙa a ratayen kundinsu.

Abin da ke dunƙule waƙa shi ne ɓacewar alamar karya layi, wadda ido ba ya gani. Shafin intanet da aka rubuta da HTML yana ɗaukar wannan alama tamkar tazara ɗaya tsakanin kalmomi, sai in an umarce shi da ya karya layin, don haka waƙa mai baiti ashirin takan fito kamar sakin layi guda.

Ba a dogara da waƙafi ko aya wajen gano iyakoki, domin yawancin masu rubuta waƙa a waya ba sa sanya su. Amshi ake fara nema, tunda shi ne ke maimaituwa, kuma duk abin da ya faɗa tsakanin amshi biyu baiti ne. Bayan nan sai a shiga cikin baitin da amsa-amo. Babban amsa-amo yana zuwa a ƙarshen kowane baiti, ba ya sauyawa har waƙa ta ƙare, ƙarami kuwa yana ƙarshen sauran ɗangwaye, yana iya sauyawa daga baiti zuwa baiti. Ga misalin da aka ƙirƙira don bayani:

damina ta zo mu koma gona hadari ya haɗo da sauri malam ka ɗauko iri mu shuka tun kafin rana damina ta zo mu koma gona yau ga ruwa yana sauka kowa ya tafi shuka bana yunwa ba ta kwana damina ta zo mu koma gona

Jimlar "damina ta zo mu koma gona" ta fito sau uku, ita ce amshi, baitoci kuma biyu ne. Na farko ya ƙare da "rana", na biyu da "kwana", babban amsa-amo ke nan "na". A baitin farko "sauri" da "iri" sun yi amo ɗaya, a na biyu "sauka" da "shuka". Waƙar 'yar ƙwar uku ce, wato kowane baiti ɗango uku gare shi:

Amshi:
Damina ta zo, mu koma gona.

Hadari ya haɗo da sauri,
Malam ka ɗauko iri,
Mu shuka tun kafin rana.

Amshi

Yau ga ruwa yana sauka,
Kowa ya tafi shuka,
Bana yunwa ba ta kwana.

Amshi

A nan ne sabon hannu ke yin tuntuɓe. Kalmomin "yana" da "bana" su ma da "na" suka ƙare, wanda ya bi amo kaɗai zai yanke a kansu, ya sami ɗango mai kalma ɗaya. Ƙirga gaɓoɓi ke tona wannan kuskure: ɗangwayen baitocin misalin suna tsakanin gaɓa 7 zuwa 9, don haka layi mai gaɓa 2 ko 15 shaida ce an yanka a inda bai dace ba. Haka kuma in baitoci duka ƙwar uku ne, ɗaya ya fito da ɗango huɗu, a sake duba shi.

A manhajar Word ana raba ɗango da ɗango da Shift+Enter, a bar Enter ga rabuwar baiti, don kada tazarar sakin layi ta shiga tsakiyar baiti. In waƙar doguwa ce, Ctrl+H yana ware amshin gaba ɗaya. A rubuta jimlar amshin a gurbin nema, a gurbin musanya kuma a sa:

```
^pAmshi:^l^&^p
```

Alamar ^p sabon sakin layi ce, ^l karya layi, ^& kuma ita ce jimlar da aka samo. Dabarar tana kama amshin da bai sauya ko da harafi ɗaya ba ne kawai. In a wani wuri an rubuta "mu je gona", ko a amshin da ke da harafi mai lanƙwasa an sa "k" a gurbin "ƙ", za ta tsallake shi.

A bisa al'ada ana rubuta amshi cikakke a karon farko, daga baya a wadatu da kalmar "Amshi". Amma inda 'yan amshi suka ƙara wani abu, dole a rubuta shi duka. A waƙar baka ta makaɗa, inda manazarta ke cewa gindin waƙa da ɗiya maimakon amshi da baiti, tsawon ɗiya ba ya daidaita, amsa-amo ma ba tilas ba ne. Irin wannan sai an saurari waƙar, a karya layi inda mawaƙi ya ja numfashi, a rubuta "Jagora" da "'Yan amshi" a gaban abin da kowanne ya rera.