Ma'anar murabaha, da abin da ya raba ta da bashin ruwa

Kalmar murabaha ta cika gidajen rediyon Damagaram da bakin masu tallar bankuna da asusun lamuni, musamman tun da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, ta fitar da ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci a 2018. Fassarar da aka fi ji ita ce "bashi marar riba", kuma kalmomin nan duka kuskure ne. Murabaha ba rance ba ce, ciniki ne. Riba kuwa tana ciki dumu-dumu, daga gare ta ma aka samo sunan.

Tushen ruɗanin yana cikin Hausar kanta. Larabci yana da kalmomi biyu da ba su haɗa asali ba. Akwai ribhu, abin da ɗan kasuwa ke samu a kan uwar kuɗinsa, ita ce ta zama "riba" a bakinmu, kuma daga ita aka gina murabaha, wato sayarwa da riba sananniya. Akwai kuma riba ta Alƙur'ani, wadda asalinta ƙaruwa ne ko kumbura, ita ce kuɗin ruwa. Da suka shigo Hausa sai suka zama rubutu ɗaya. Shi ya sa mai gabatar da shiri zai fassara aya ta 275 ta Suratul Baƙara ya ce Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, mai tebur a kasuwar Dole ya tsaya yana tambayar kansa to shi me yake ci tun safe. Da masu magana a rediyo za su riƙa cewa "kuɗin ruwa" duk inda suke nufin haramtacciyar, da rabin gardamar ta mutu.

A littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu murabaha tsohon ciniki ne na amana. Mai kaya ya ce na sayo buhun nan jika 20, na biya dako, ka ɗora mini jika 2. Sharaɗinta shi ne ya faɗi gaskiyar uwar kuɗin, ko a biya hannu da hannu ko a jinkirta. Abin da bankuna suka ƙara shi ne mai saye ne yake fara zuwa ya nuna kayan da yake so, sannan ya biya kashi-kashi.

A ɗauki ɗan kabu-kabu mai son sabon babur na jika 600, wato sefa 600,000. Zai kawo takardar farashi daga mai shago, ya yi wa banki alkawarin cewa in an sayo zai saya. Alkawari ne kawai, ba a ƙulla ciniki ba tukuna. Banki ya biya mai shago kai tsaye, takardar saye ta fito da sunan banki, babur ya shiga hannunsa ko na wakilinsa. Sai bayan haka a zauna a ƙulla ciniki na biyu: na saya jika 600, na ɗora jika 90, na sayar maka jika 690, za ka biya cikin wata 12, kowane wata sefa 57,500.

Nan ne mai lissafi zai ce ai ko bankin ruwa da zai ba shi jika 600 ya karɓi 690, aljihunsa bai ga bambanci ba. Gaskiyarsa, in komai ya tafi daidai. Bankunan Musulunci da yawa ma da ma'aunin ruwan kasuwa suke auna ribarsu, kuma masana sun ce wannan kaɗai ba ya ɓata ciniki, ko da yake ba abin tinƙaho ba ne. Bambancin yana fitowa ne ranar da abu ya lalace.

A ce an biya mai shago ranar Litinin, za a sa hannu a ciniki na biyu ranar Laraba, sai gobara ta ci shagon daren Talata, ko ƴan duwan suka riƙe babur ɗin saboda takardunsa ba su cika ba. A bashin ruwa ɗan kabu-kabu ya riga ya ci bashi, zai biya babur ɗin da bai taɓa hawa ba. A murabaha asarar ta banki ce, don kayansa ne suka salwanta, ba ya bin kowa ko dala. Waɗannan kwana biyun su ne hujjar jika 90 ɗin, domin ƙa'idar ita ce amfani yana bin wanda ya ɗauki lamunin asara, kuma Annabi (SAW) ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa.

Kuma waɗannan kwana biyun ne ake yawan sacewa. Wani wuri za a miƙa wa mutum takardar alkawari da ta wakilci da ta saye ya sa hannu a zama ɗaya, a zuba kuɗi cikin asusunsa, a ce je ka saya da sunanmu ka sayar wa kanka. Wani lokaci mai sayen ne da kansa ya riga ya gama ciniki da mai shago har ya ba da kafin alƙalami, sai ya zo banki ya cika masa saura, alhali babur ya riga ya zama nasa, banki ba shi da abin sayarwa. Mafi muni, babu babur ɗin sam: mai shago ya rubuta takarda, ya karɓi kuɗin banki, ya cire ladansa ya miƙa wa mutumin sauran a hannu. Duk wannan jika 600 ne aka ba da don a karɓi 690, an dai sa masa rawani. Malaman Malikiyya sun daɗe suna ɗari-ɗari da wannan ƙofa. A cikin Muwaɗɗa an kawo mutumin da ya ce wa wani ya sayo masa raƙumi kuɗi hannu don shi kuma ya saya daga gare shi bashi, aka tambayi Abdullahi ɗan Umar ya ƙi abin ya hana. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta murabahar banki ne da sharaɗin kayan su shiga mallakar mai sayarwa ya karɓe su kafin ya sayar.

To in banki ya sayo, ɗan kabu-kabu ya fasa fa? Saboda haka ake karɓar wani abu tun farko, a ce jika 60, a ajiye shi amana. In banki ya sayar wa wani a jika 580, jika 20 da ya yi asara kawai zai cire ya mayar da 40. Ba shi da ikon cire ribar da ya so samu.

Wuri na biyu da ake gane murabaha shi ne jinkirin biya. Jika 690 farashi ne, an rufe shi ranar ciniki. In babur ya kwanta a gareji wata uku biya ya tsaya, bashin ruwa yana ci gaba da haihuwa, murabaha kuwa tana nan 690. Banki zai iya ƙara masa lokaci, amma ba zai ce na ƙara wata shida ka ƙara jika 30 ba, don wannan shi ne ainihin "ka biya ko ka ƙara" na zamanin jahiliyya. Zai iya neman jingina ko mai tsaya masa, ya sayar da jinginar ya ɗauki haƙƙinsa ya mayar da rara. Mai hali da yake taurin bashi da gangan ana iya sa masa tara, amma ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke tsara wa bankunan Musulunci ma'aunin aiki, sun ce tarar sadaka za a yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Haka in ya biya duka a wata na shida, ragi ba haƙƙinsa ba ne da za a rubuta cikin yarjejeniya, banki ne zai yi masa in ya ga dama, abin da masu saye da yawa ba sa sani sai ranar da suka zo da kuɗin a hannu.