Sauke ki na waƙa ba tare da rage saurinta ba

Ki shi ne sautin tushe da aka gina waƙa a kansa. Sauke ki shi ne mayar da duk sautukan waƙa ƙasa da tazara iri ɗaya, domin mawaƙi mai kaurin murya ya rera ta ba tare da ya shaƙe ba, alhali saurin kiɗa da tsawon waƙar suna nan yadda suke. Ana auna tazarar da rabin mataki, kuma rabin mataki 12 ne ke yin oktaf guda, wato tazarar da yawan girgizar sauti ke ninkawa biyu. Ga makaɗan da ke kiɗa kai tsaye, abin bai wuce su koma wani ki ba. Wahalar tana ga kiɗan da aka riga aka naɗa.

Tarihi

A faifan garmaho da tef, tsayin amo da sauri a ɗaure suke da juna. In aka rage gudun tef, murya ta yi kauri, amma waƙar ta ja jiki. Kowane rabin mataki yana sauya yawan girgizar sauti da kusan kashi 6 cikin 100. Don haka waƙa mai minti 4, mai bugu 120 a minti, in aka sauke ta da rabin mataki 3 ta wannan hanya, za ta kai kusan minti 4 da daƙiƙa 45, bugunta kuma ya faɗo zuwa wajen 101.

An daɗe ana neman raba waɗannan biyun. A tsakiyar shekarun 1940 Dennis Gabor ya yi bayanin yanka sauti gutsi-gutsi a sake jera shi. Wajajen shekarun 1950 injiniyan Jamus Anton Springer ya ƙera na'urar tef mai kawunan karantawa masu juyawa, wadda ke maimaita wasu gutsattsari ko ta tsallake su. A 1966 James Flanagan da Roger Golden na Bell Labs suka wallafa wata hanya ta rarraba sauti zuwa girgizar da ta haɗa shi, sannan a sake gina shi. Na'urar Eventide H910, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1970, tana cikin na farko da suka kai wannan aiki ɗakunan naɗar waƙa ta hanyar lissafin lantarki. Manhajojin yau daga waɗannan dabaru biyu suka tsiro, wato yanka da jerawa, ko rarrabawa da sake gini.

Zaɓen tazara

Sautin da ya fi kowane hawa sama a waƙar ake fara nema, galibi a amshi yake. A ce waƙa tana ki na C, sautinta na ƙoli E5 ne, na ƙasa kuma C4; harafin sunan sauti ne, lambar kuma oktaf ɗin da yake ciki. Mawaƙiyar tana kai C#5 cikin sauƙi, daga nan sai muryarta ta fara tsagewa. Tazarar rabin mataki 3 ce, don haka ki ya koma A, kod ɗin C, F, G da Am, wato sautukan da ake kaɗawa tare, su zama A, D, E da F#m. Abin da aka fi mantawa shi ne ɗaya ƙarshen: C4 ya zama A3, kuma in ba ta kai can da ƙarfi, baitocin farko za su koma raɗa. Gara a yi gwajin bayan murya ta buɗe, domin muryar farkawa daga barci tana yaudara.

In tazarar ta yi yawa, kamar namiji zai rera waƙar mace, sau da yawa ya fi kyau a ɗaga kiɗan da rabin mataki 4 ya rera oktaf guda ƙasa, maimakon a sauke shi da 8. Ki ɗaya ake isa, amma kiɗan bai sha wahala ba.

Aiwatarwa

A manhajar Audacity ana zaɓar Change Pitch. A manhajar SoX, wadda ake rubuta wa umarni, ana lissafa kowane rabin mataki a matsayin 100:

```
sox asali.wav sabo.wav pitch -300
```

Iyakoki

Rabin mataki 2 ko 3 kan wuce ba tare da kunne ya tsargu sosai ba. Bayan haka lahani yana bayyana. Bugun ganga yana rasa kaifinsa, dogayen sautuka suna rawa kamar daga cikin ruwa. Jita mai kauri, wadda igiyarta ta ƙasa ke kan Hz 41, tana faɗawa kusan 35 in an sauke rabin mataki 3, inda ƙananan lasifika ba sa iya fitarwa. Muryoyin 'yan amshi su suka fi tona asiri, domin launin murya ya dogara da girman maƙogwaro da baki, kuma saukewar tana jan shi ƙasa tare da amon, sai mace ta yi kama da ƙato. Wasu manhajoji, irin su Rubber Band, suna da zaɓin riƙe wannan launi. Fayil ɗin MIDI ba ya da wannan matsala, tunda umarni ne ba sauti ba, muddin an bar tasha ta 10, ta ganguna, a inda take.

Masana sun saɓa kan ko kowane ki yana da nasa yanayi da saukewa ke ɓatawa.