Lebareji da majin kol: yadda cinikin zinariya a waya ke cinye asusun ƙaramin ɗan kasuwa

Mutanen Damagaram sun san zinariya, musamman tun 2014 da samari suka yi ta kwarara Jado. Wanda ke riƙe da ita a hannu, in farashi ya faɗi sai ya ajiye abarsa ya jira. Cinikin da ake yi yanzu a fadodi ta salula, wanda ake gani a allo da sunan XAUUSD, ba ya ba mutum wannan damar ta jira. Ba zinariya kake saya ba, yarjejeniya ce tsakaninka da dillali kan bambancin farashi, kuma lebareji ne ke ɗaure ta.

Lebareji shi ne dillali ya bar ka ka riƙe ciniki mai ninki da yawa na kuɗinka, ya riƙe ɗan kaso a matsayin jingina. A 1:500, dalar Amurka 1 tana riƙe cinikin dala 500. Sai dai riba da asara kan babban cinikin ake lissafa su, daga ɗan kuɗinka kuma ake cire asarar.

Mu ɗauka wani saurayi a unguwar Birni ya zuba dalar Amurka 200, wato jika ɗari da 'yan kai na sefa. Mu ce farashin oza ɗaya, mai nauyin giram 31.1, dala 4,000 ne. Ya danna Buy da 0.10, yana ganin lambar ƙarama ce. Cikakken lot oza 100 ne, saboda haka ya ɗauki oza 10, cinikin dala 40,000. Dillali ya riƙe jinginar dala 80 kacal. Daga nan duk dala 1 da farashi ya motsa, dala 10 ce ke shiga ko fita daga asusunsa.

Lambar da ya kamata ya zuba wa ido ita ce Margin level, ba Balance mai nuna kuɗin da ya zuba ba:

```
Margin level = Equity / Margin x 100
```

Equity shi ne abin da ya rage a asusu in an cire asarar da ke gudana, Margin kuma ita ce jinginar da dillali ya riƙe. Da farko 200 bisa 80 ne, wato 250%. Farashi ya sauka da dala 12, asara ta kai 120, saura 80, lambar ta koma 100%. A wurin dillalai da yawa nan ne majin kol: gargaɗi cewa ka ƙara kuɗi ko ka rage ciniki, kuma an hana ka buɗe sabo. Ba wanda zai buga maka waya, sau da yawa layin ne kawai zai yi ja a allo. Farashi ya ƙara sauka da dala 4, saura 40, lambar ta kai 50%. In nan ne iyakar da dillalinsa ya sa, na'ura za ta rufe cinikin da kanta, abin da ake rubutawa Stop out.

Zinariya ta faɗi da dala 16 cikin 4,000, ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ta kai ba, amma dala 160 ta saurayin ta tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko da farashi ya dawo ya haura kafin magariba, ba shi da rabo a ciki. Hasashensa daidai ne, kuɗin jiran ne ba shi da su. Irin wannan motsi kuwa zinariya na iya yin sa cikin 'yan mintuna, balle ranar Juma'ar da Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi, wajen azahar a agogonmu.

Wani lokacin ma na'urar ba ta samun rufewa a daidai iyakar. In kasuwa ta buɗe bayan hutun ƙarshen mako farashi ya yi tsalle ƙasa da dala 30, asara ta zama 300, asusu ya koma bashin dala 100, sai in dillalin ya yi alkawarin yafe irin wannan bashi. Shi ya sa a 2018 hukumar kasuwannin kuɗi ta Turai, ESMA, ta taƙaita lebarejin zinariya ga ƙananan masu ciniki zuwa 1:20, bayan ta gano cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na irin waɗannan asusai asara suke yi. Dillalan da ke tallata 1:500 a wayoyinmu ba a ƙarƙashin wannan dokar suke ba mu shi ba.

Da saurayin ya ɗauki 0.01, oza ɗaya, jinginarsa dala 8 ce, kuma sai farashi ya faɗi da dala 196 kafin a rufe masa. Lebarejin bai canja ba, girman cinikin ne ya ba shi sarari. Ko wannan ma yana da iyaka: ranar 15 ga Afrilu, 2013, zinariya ta faɗi da kusan kashi 9 cikin ɗari a yini ɗaya, wanda a farashin da muka ɗauka ya kai dala 360 kan kowace oza.